Maki 38 da ƙarin littafin amsa da ya ɓalle

Na yi shekara huɗu ina riƙe da aikin jami'in jarrabawa na sashenmu, a wata jami'a da ke jihar Gombe. A cikin waɗannan shekaru takardun neman a sake duba jarrabawa da suka bi ta teburina suna da ɗan yawa, kuma mafi yawansu tun a sakin layi na farko mutum zai gane ba za su kai labari ba. Wasu masu su ma suna da gaskiya, sai dai sun rubuta abin da ke zuciyarsu sun bar abin da kwamiti zai iya bincikawa. Lamarin da zan ba da a nan na wata ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe, 'yar Kumo, wadda ta rubuta takarda sau biyu a kan matsala ɗaya.

Ta shigo ofishina da hantsi, kwana shida bayan an saki sakamakon zango na biyu. Ta ci dukkan darussanta sai guda ɗaya, kos na ƙididdiga mai nauyin yunit uku, inda ta ga 38, wato F. A tsarin da muke bi, kamar jami'o'i da yawa a ƙasar nan, 40 ne mafi ƙarancin makin ci, 50 zuwa 59 shi ne C, 60 zuwa 69 B, daga 70 zuwa sama A. Maki biyu ke nan suka raba ta da ci. Da yake kuma kos ɗin na zango na biyu ne, ba za a sake koyar da shi ba sai baɗi war haka. Za ta zauna shekara guda cur saboda darasi ɗaya, abin da ɗalibai ke kira sifil-oba, 'yan ajinsu kuma su tafi hidimar ƙasa su bar ta.

Akwai wata asara da ita kanta ba ta lura da ita ba sai da muka zauna da kalkuleta. Jimillar yunit da ta yi rajista tun daga aji ɗaya 148 ne, makin daraja da ta tara kuma 512. Idan aka raba, CGPA ɗinta, wato matsakaicin makinta na duk shekarun karatu, ya tsaya a 3.46, digiri mai daraja ta biyu babba kuwa daga 3.50 yake farawa. Idan ta haƙura ta maimaita kos ɗin, F ɗin farko ba ya gogewa daga lissafi, yunit ɗinta zai koma 151. Ko da A ta ci a karo na biyu, maki 15 za a ƙara mata, 527 a raba da 151, ya ba da 3.49. Maimaitawa ba za ta taɓa kai ta inda take so ba. Amma idan aka gyara sakamakon farko ya koma C kawai, maki 9 ne za su hau kan 512 ba tare da yunit ya ƙaru ba, 521 a raba da 148, 3.52. Na kawo wannan lissafi ne don a ga girman abin da za ta iya rasawa, amma tun a ranar na gaya mata ko kalma ɗaya daga cikinsa ba za ta shiga takardarta ba.

Takardar farko da ta miƙo mini shafi biyu ce da hannu. Da Turanci ake rubuta irin waɗannan takardu, zan dai kawo ma'anarsu da Hausa. Ta fara da cewa ita marainiya ce, kawunta ke biya mata kuɗin makaranta da abin da yake samu a kasuwar hatsi. Ta ce ba ta taɓa fashin lacca ba, ta ce tunda ta shigo jami'a ba ta taɓa faɗuwa ba. Ta ce ita ce ta koya wa ƙawarta kos ɗin, kusan abu ɗaya suka rubuta, ga ƙawar da B. Sannan ta ce tana jin malamin ya riƙe ta a zuciya tun ranar da ta yi masa tambaya a aji ya ɓata rai. Ta rufe da roƙon a duba girman Allah a taimaka mata da maki biyu.

Na ce mata, “'Yata, duk abin da kika rubuta na yarda gaskiya ne a wurinki. Amma zauna mu ga wanne daga ciki za a iya buɗe ambulan ɗin takardun jarrabawa a tabbatar.”

Maraici da zuwa lacca kullum babu mai musun su, sai dai babu inda suke a jadawalin ba da maki. Mai sake dubawa amsa yake gani da jadawalin, ko sunan mai takardar ba a nuna masa. Roƙon maki biyu kuma ya fi komai kashe takarda, domin da bakinka ka amsa cewa makin da aka ba ka daidai ne, alfarma kake nema, kwamitin kuwa ba a kafa shi don yin alfarma ba. Maganar ƙawa ta fi haɗari. Duk wanda ya rubuta wa hukumar jami'a cewa shi da wani abu ɗaya suka rubuta a ɗakin jarrabawa, ya kira wa kansa da abokinsa kwamitin binciken satar amsa. Na taɓa ganin an ɗauko takardu biyu an jera saboda irin wannan jimla, kuma ba ta yi wa kowa daɗi ba. Zargin malami kuwa, idan akwai shi da gaske, misali ya nemi kuɗi ko ya nemi ɗaliba da lalata ko ya yi barazanar kayar da ita, wannan ƙara ce mai zaman kanta, tana da hanyarta, kuma ina ƙarfafa wa duk wadda abin ya faru da ita ta kai da hujjojinta. Amma “ina jin ya riƙe ni” ba hujja ba ce. Abin da take jawowa shi ne a tura wa malamin takardar ya kare kansa, magana ta bar kan amsoshi ta koma kan mutuncin mutum, abokan aikinsa kuma su ja daga. Haka rashin lafiya: wanda ciwo ya kama lokacin jarrabawa, a lokacin ake kai takardar asibitin makaranta. Bayan sakamako ya fito, ciwo yana bayyana dalilin da ya sa amsa ta yi rauni ne kawai, ba ya nuna an yi kuskure wajen makin.

Da muka share waɗannan babu abin da ya rage a shafi biyun. Sai na fara yi mata tambayoyi. Nawa ta samu a gwajin cikin zango? Ta ce 22 cikin 30, kuma takardun tes biyu da na aikin gida suna hannunta da jan biron malamin a kai. Na buɗe takardar maki da malamin ya miƙa wa sashe, wadda duba ta aikina ne, na ga 22 a gwaji, 16 a jarrabawa, jimilla 38. Wannan ya kawar da abu biyu nan take: makin gwajinta bai ɓace ba, kuma ba a yi kuskure wajen kwafe maki daga takardar malami zuwa kwamfuta ba. Waɗannan biyun su ne mafi yawan abin da ke faruwa, kuma ba sa buƙatar sake makin, gyaran rubutu ne. Ɗalibai da yawa suna biyan kuɗin rimakin, wato sake duba takarda, alhali tes ɗinsu ne ba a shigar ba, mai sake dubawa kuma ba ya taɓa makin gwaji, takardar jarrabawa kaɗai ake aika masa.

Saura 16 cikin 70. Na ce ta kawo takardar tambayoyin, Allah ya sa ta adana ta. Umarnin shi ne a amsa tambaya ta ɗaya dole, mai maki 25, lissafi ce zalla, sannan a zaɓi uku daga sauran, kowacce maki 15. Na tambaye ta da wacce ta fara. Ta ce ta fara da ta biyu, ta uku, ta biyar, ta bar ta ɗaya ƙarshe don ta fi cin lokaci. Littafin amsa ya cika tana gama ta biyar, sai ta ɗaga hannu aka ba ta ƙarin littafi, a ciki ta yi tambaya ta ɗaya gaba ɗayanta. Mai tsaron ɗakin ya sa hannu a kai, ya ba ta zare ta ɗaure su tare, ta kuma rubuta 1 a gurbin da ke bangon littafin inda ake nuna adadin ƙarin littattafai.

Da ta faɗi haka na ajiye biro. Idan an duba tambaya ta ɗaya ta samu ko da rabin makinta ne, to sauran tambayoyi ukun gaba ɗaya ba su kai maki huɗu cikin 45 ba. Yana iya yiwuwa, amma da wuya ga wadda ta samu 22 cikin 30 a hannun malami ɗaya a kan batutuwa ɗaya. Idan kuwa ba a ga ƙarin littafin ba sam, 16 cikin 45 lamba ce da hankali zai ɗauka. Ba mu san gaskiyar ba tukuna, amma yanzu muna da zato mai suna, wanda buɗe ambulan ɗaya zai tabbatar ko ya ƙaryata.

Washegari kawunta ya zo daga Kumo, dattijo mai natsuwa. Bayan mun gaisa ya ce, “Malam, tunda takardun suna nan wurinku, ba sai ka leƙa ka duba mana ba? In an ga littafin shi ke nan, ba sai an kai ga manya ba.” Na ce, “Baba, da na yi haka na cuce ta.” Takardun suna ɗakin ajiya ƙarƙashin kulawar shugaban sashe. A ce na shiga ni kaɗai bayan ɗaliba ta zo ofishina sau biyu, na fito da littafin da ba a yi wa maki ba ɗauke da cikakkiyar amsa. Tambayar farko da kowa zai yi ita ce, wa ya san ba jiya aka rubuta shi aka cusa ba? Dole a gaban shaidu za a gano shi, bisa umarni a rubuce. Ban da haka, majalisar jami'a ta riga ta amince da sakamakon. Kafin amincewarta sashe yana iya gyara kuskure a cikin gida, malami ya rubuta, shugaban sashe ya sa hannu. Bayan ta amince, ko malamin da ya ba da makin ba shi da ikon canza lamba ɗaya sai maganar ta koma gabanta. Dattijon ya so kuma ya je ya ga wani babba da ya sani a cikin gari ya sa baki. Na roƙe shi ya bari, don takardar da ta zo da kiran waya a bayanta kallon tuhuma ake yi mata.

Takarda ta biyu ba ta cika shafi ɗaya ba, kuma da kwamfuta aka buga ta. An rubuta ta zuwa ga magatakardan jami'a, ta hannun shugaban tsangaya, ta hannun shugaban sashe, kamar yadda littafin dokokin ɗalibanmu ya tanada. Wasu makarantun shugaban jami'a ake rubuta wa a matsayinsa na shugaban majalisa, don haka littafin makarantar mutum shi zai duba, a nan ne kuma zai ga wa'adi da kuɗin da ake biya. A sama ta sa sunanta, lambar rajista, sashe, aji, lamba da sunan kos, zango da shekarar karatu, ranar jarrabawar da ɗakin da ta zauna. Jikin takardar ga ma'anarsa:

“Ina neman a sake duba takardar jarrabawata ta wannan kos, inda aka ba ni jimillar maki 38. Makin gwajina 22 ne cikin 30, kwafin takardun yana haɗe, wanda ke nuna an ba ni 16 cikin 70 a jarrabawa. Na amsa tambayoyi huɗu kamar yadda aka umarta: ta 2, ta 3 da ta 5 a babban littafin amsa, ta 1 mai maki 25 kuma a ƙarin littafi guda ɗaya da mai tsaron ɗaki ya ba ni ya sa wa hannu, na kuma nuna haka a bangon babban littafin. Ina da dalilin zaton cewa ƙarin littafin ya rabu da babban kafin a yi makin. Don haka ina roƙon a tabbatar ko littattafan biyu suna tare, a tabbatar ko kowace tambaya an ba ta maki kuma an haɗa jimilla daidai, sannan a sake duba amsoshin bisa jadawalin ba da maki. Na fahimci cewa makin zai iya ƙaruwa, ya tsaya yadda yake, ko ya ragu, kuma zan karɓi sakamakon.”

Babu sunan malamin a ciki ko sau ɗaya, kuma ba a ce wani ya yi sakaci ba. Ta ce “ina da dalilin zaton”, ba ta ce “an jefar da littafina” ba, domin ba ta gani da idonta ba, kuma idan zaton ya zama kuskure ba ta yi wa kowa ƙage ba. Abubuwan da ta roƙa kuma a jere suke daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Na farko da na biyu ko magatakardan sashe zai iya yin su cikin minti goma, ba sai masanin ƙididdiga ba. Na ukun ne ke buƙatar wani malami ya zauna ya yanke hukunci, kuma a nan ne ɗalibai suka fi shan kaye, musamman a tambayoyin bayani, inda malamai biyu masu adalci za su iya bambanta da maki ɗaya ko biyu ba tare da ɗayansu ya yi kuskure ba. Wanda dalilinsa kawai “na san na rubuta da kyau” ne, a wannan mataki na uku kaɗai yake tsaye. Idan har a nan mutum zai tsaya, to ya ambaci tambayar da lambarta, ya faɗi hanyar da ya bi da amsar da ya samu, ya nuna ta dace da abin da aka koyar ko da littafin da aka ba su. A lissafi wannan yana da ƙarfi, domin jadawali yakan ba da maki ga matakan aiki ko da amsar ƙarshe ta kauce.

Ta biya kuɗin a asusun makaranta, ta haɗa rasit, kwafin sakamako, kwafin tes da takardar tambayoyi. Asalin takardun tes ɗin na ce ta riƙe a gida. Ta yi kwafi biyu na komai, sakataren shugaban sashe ya buga mata hatimin karɓa da kwanan wata a kan nata. Wannan hatimin ya yi mata rana, don takardar ta kwana biyu a ofishin tsangaya, da aka tashi maganar wa'adi sai ta nuna ranar da ta miƙa.

Ranar da umarni ya sauko, mu uku muka buɗe ambulan ɗin: shugaban sashe, wakilin tsangaya da ni. Babban littafinta yana nan. A bango an rubuta 7 a tambaya ta biyu, 5 a ta uku, 4 a ta biyar, gurbin ta ɗaya kuma an ja masa layi. Jimilla 16, haɗin daidai ne. A kusurwar hagu ta sama ga zaren yana reto, ba komai a jikinsa. Muka zazzage ambulan ɗin, takardu sama da 200, muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ƙarin littafin yana can kusa da ƙasa, ya shige cikin littafin wani ɗalibi, ramin zarensa ya yage. Babu alamar jan biro a cikinsa ko ɗigo.

Samun littafin bai wadatar ba sai da aka tabbatar a ɗakin jarrabawa aka rubuta shi. Aka duba lambar da ke bugge a jikinsa ta faɗa cikin jerin littattafan da aka fitar wa wannan ɗaki a ranar. Aka kira malamin da ya yi tsaro ya amsa sa hannunsa ne da kwanan watan. Aka gwada rubutun da na babban littafi, hannu ɗaya ne, biro ɗaya. Lambar rajistarta tana kai, kuma da ba ta rubuta ta ba, da maganar ta yi tsawo ƙwarai. Malamin kos ɗin da aka nuna masa bai yi gardama ba. Ya ce ya ga gurbin babu amsa ya ɗauka ba ta yi ba, bai lura da 1 ɗin da ke bango ba. Wanda ya taɓa yi wa takardu 200 maki cikin mako biyu a zafin Gombe ba zai yi mamaki ba, ko da yake duba bangon yana cikin aikinsa. Ina da yaƙinin da takardar farko ce ta iso gabansa, mai cewa ya riƙe ta a zuciya, da ba haka zaman ya kasance ba.

Daga nan aka rufe suna da makin farko, aka haɗa takardarta da wasu 'yan takardu daga kos ɗin, mai maki sama da matsakaici da na ƙasa, tare da tambayoyi da jadawalin ba da maki, aka aika wa wani malamin ƙididdiga a wajen sashen. Ana haɗawa da wasu ne don kada ya san wacce ake ƙara a kanta, kuma don a ga ko hannunsa ya fi na malamin farko sauƙi ko tsanani gaba ɗaya. Ya ba tambaya ta ɗaya 17 cikin 25: hanyarta daidai, amma ta yi kuskuren kwafe lamba ɗaya a tsakiya wanda ya ɓata amsar sashen ƙarshe. Ta uku da ta biyar ya bar su a 5 da 4. Ta biyu ya rage ta daga 7 zuwa 6. Jarrabawa ta koma 32, da gwaji 22, jimilla 54, wato C.

Da na gaya mata ta yi hamdala, sannan ta ɗan yi shiru ta ce, “Malam, ni fa na ɗauka B zan samu. Tambayoyin bayanin nan na cika shafuka.” Na ce ta cika shafuka, amma malamai biyu da ba su ga makin juna ba sun tsaya a 16 da 15 cikin 45. Da a kan waɗannan ukun ta gina ƙararta, da 38 ɗinta ya koma 37, kuɗinta kuma ya tafi.

Gyaran ya bi ta kwamitin tsangaya ya koma majalisar jami'a a zamanta na gaba. Daga ranar da aka buga mata hatimi zuwa ranar da 54 ya bayyana a shafinta an yi mako tara, kuma kafin nan an riga an tura sunayen rukunin farko na masu hidimar ƙasa, sai a na gaba ta tafi. An mayar mata da kuɗin da ta biya, kamar yadda dokarmu ta ce idan ƙara ta tabbata, ko da yake wannan ma sai da ta rubuta wata takardar. A zangon da ya biyo baya shugaban sashe ya sa aka sayo abin maƙala takardu guda shida aka raba wa masu tsaron jarrabawa, aka kuma ƙara layi ɗaya a takardar sa hannun fita, inda ɗalibi zai rubuta adadin littattafan da ya miƙa kafin ya bar ɗakin.